Na yi ƙunshin azumi da ragi, ciniki ya ƙaru amma riba ta ragu: ina kuɗin suka shiga?

Sani_Tireda: Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Ina da shagon tireda a Hotoro cikin Kano, daga kasuwar Singa nake saro kaya. Azumin da ya wuce na haɗa ƙunshi ɗaya mai kaya shida: sukari kwano ɗaya, madarar gari, man gyaɗa lita 3, taliya guda 5, kwalin ganyen shayi da ledar dunƙule. In mutum zai saye su ɗai-ɗai a wurina ₦28,000 ne, ni kuma na sa ƙunshin ₦26,500. Wallahi kaya sun tafi, ƙunshi 120 na sayar kafin goman ƙarshe, yarona har ya gaji da ɗaure leda. Amma da na zauna lissafi bayan salla, abin da ya rage min bai kai na azumin bara ba, alhali bara ban yi wani ragi ba. Ragin nan ko kashi 6 cikin 100 bai kai ba. To ina kuɗin suka shiga? Kuma masu cewa ragi na jawo riba, a wane irin kaya suke nufi?

Abba_Rimi: Wa alaikumus salam. Oga Sani bincika yaron shagonka tukuna. In ciniki ya ƙaru kuɗi bai ƙaru ba, yawanci akwai ɓera a shago.

Sani_Tireda: Ɗan yayata ne, kuma kayan ƙunshin a ƙirge suke. 120 suka fita, kuɗin 120 suka shigo. Ba nan matsalar take ba.

Malam_Akanta: Malam Sani, ka faɗa mana nawa kake sayarwa, ba ka faɗa mana nawa ka saro ba. Kawo kuɗin sarin kowanne, da abin da ka kashe a leda ko kwali. Sannan a cikin mutum 120 ɗin nan, nawa ne waɗanda dama a wurinka suke sayayya duk wata?

Sani_Tireda: To Malam. Sukari na saro 4,000 ina sayarwa 4,400. Madara 5,200 zuwa 5,700. Mai 9,000 zuwa 9,700. Taliya biyar ɗin sun tsaya min 4,250, ina sayarwa 5,000. Ganyen shayi 1,150 zuwa 1,400, dunƙule 1,400 zuwa 1,800. Jakar da nake zubawa da salatif sun ci kamar 300 a kowane ƙunshi. Mutanen kuwa, akalla 80 'yan unguwa ne da na san fuskarsu, wasu ma sunansu na cikin littafin bashi. Sauran 40 ne baƙi, a WhatsApp suka gani.

Malam_Akanta: Madalla, ga kuɗinka nan ba su ɓata ba. Kayan ƙunshin gaba ɗaya sun tsaya maka 25,000, kana sayar da su 28,000, ribarka 3,000 ke nan. Kai kana auna ragin 1,500 da 28,000, shi ya sa ka ga ɗan kaɗan ne. Amma ai ba daga 28,000 ragin yake fita ba, domin 25,000 ba taka ba ce, ta mutanen Singa ce, dole ka mayar musu in za ka sake saro kaya. Daga 3,000 ɗinka yake fita. Ka ba da rabin ribarka ke nan tun kafin a zo maganar jaka. Cire 300 na jaka, saura 1,200 a kowane ƙunshi. Sau 120, ka samu 144,000.

Yanzu koma kan mutum 80 ɗin nan. Da ba ka yi komai ba, za su zo su sayi kayan azuminsu a farashinka na kullum, ka ci 3,000 a kan kowa, 240,000 ke nan. Ka ga ka yi aikin mutum 120 ka samu 144,000, a inda aikin mutum 80 zai ba ka 240,000. Baƙin 40 sun kawo maka 48,000, 'yan gida kuma ka yafe musu 1,800 kowa, wato 144,000. Tsakanin biyun nan akwai 96,000, shi ne abin da kake nema.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ikon Allah. Ni dai tun ina yarinya mahaifinmu yake cewa kar ka faɗi ragi da kaso, ka faɗe shi da naira ka ajiye kusa da ribarka, in ka ga sun kusa tsawo ɗaya ka fasa.

Ibro_Singa: Malam Akanta lissafinka ya yi kyau amma akwai gyara. Ka ɗauka cewa duk mutum 80 ɗin za su sayi kaya shidan a wurinsa. Ba haka magidanci yake sayayya ba. Galan ɗin mai da sukari, yawancin mutane in azumi ya zo kasuwa suke shigowa su saya, mu muke ganinsu a nan. A shagon unguwa sai taliya, dunƙule, madara, irin abin da ya yanke. To ƙunshin ya sa sun sayi man a wurinsa, wanda da ba za su saya ba. Wannan ai ƙari ne.

Malam_Akanta: Gaskiyarka Alhaji Ibro, na yi saurin yanke hukunci a nan. Malam Sani, duba littafinka na bara. Irin waɗannan mutanen me suke ɗauka a shirin azumi?

Sani_Tireda: Na duba. Gaskiya mai kaɗan ne suke saya a wurina, ganyen shayi ma ba kowa ba. In na yi kintace, ribar da nake samu a kan kowannensu ba ta wuce 2,000 ba.

Malam_Akanta: To mu ɗauki 2,000. Mutum 80 sun ba ka 160,000 ba tare da ragi ba. Da ragi ka samu 144,000. Giɓin ya dawo 16,000, ba 96,000 ba, amma har yanzu a ƙasa kake. Kafin ka dawo daidai da bara sai ka sayar da ƙunshi 134, kuma duk ƙarin su zama baƙi. Ka lura, daidai da bara na ce, ba fin bara ba. Ka zuba jarin miliyan 3 a kayan ƙunshi, ka biya ɗan dako da mai Adaidaita sau da yawa fiye da bara, don ka tsaya inda kake.

Sani_Tireda: Kai. Kuɗin dako ma ban sa a lissafin ba.

Ummu_Khalil: Ni ban gane abin da ake ta lissafawa ba. A watan azumi mutum ya sauƙaƙa wa talakawa, ai lada ya samu. Komai sai an mai da shi riba?

Ibro_Singa: Hajiya ba wanda ya hana sadaka. In Sani ya ce ya yi ne don Allah, sai mu ce Allah ya karɓa, mu rufe maganar. Amma shi da bakinsa ya ce don ciniki ya yi. Kuma mai iya zaro 26,500 a tashi ɗaya ba shi ne talakan unguwar ba. Talakan yana nan yana sayen sukarin 200 a cikakken farashi.

Ummu_Khalil: Wannan kuma haka ne, ban duba ta nan ba. Amma dai ina nan a kan cewa sauƙi ba ya zama asara.

Nura_Farm_Centre: Bari in kawo namu na 'yan waya, don mu kullum a cikin wannan muke. Wayar 150,000 wani lokaci ribarta ba ta wuce 6,000 ba, saboda kowa ya san farashinta, shago goma ne a jere suke da ita. In kwastoma ya ce in rage masa 3,000, rabin ribata ta tafi. Sai in ce masa farashi ba ya taɓuwa, amma zan sa maka gilashin fuska da gidan waya kyauta. Waɗannan biyun in zai saya a waje 2,500 ne ko 3,000. Ni kuwa da nake saro su da yawa, 700 suka tsaya min. Shi ya tafi yana jin an yi masa alherin dubu uku, ni 700 ta fita daga aljihuna. Matsalar ƙunshin Sani ita ce duk kayan da ya haɗa masu siririyar riba ne. Ba ko ɗaya a ciki da ya saro 300 yake sayarwa 1,000. In kana son haɗi ya yi maka aiki, sai ka jingina mai siririyar riba da mai kauri, kuma kyautar ta fito daga mai kaurin.

Hajiya_Mai_Atamfa: Abin da masu awo suke yi ke nan tun zamanin iyayenmu. Ba ta rage miki kuɗin kwano, sai dai ta ƙara miki gyara da tafin hannu. Farashi yana nan inda yake, gobe ba za ki zo ki ce jiya nawa kika bar min ba.

Abba_Rimi: To kenan Sani ya riƙa ba da dunƙule kyauta maimakon ragi?

Malam_Akanta: Dunƙulen ya tsaya masa 1,400, kusan daidai da ragin ke nan, bai tsira da komai ba. Ganyen shayin ma 1,150 ne. A tireda da wuya ka sami kaya irin gilashin Nura. Sai dai abin da shi yake ƙullawa da kansa, kamar kayan ƙamshi, citta da kanumfari, ko ɗan dabino a leda. Abin da ya tsaya masa 250 amma ido yana ganinsa na 600. Da ya bar ƙunshin a 28,000 ya ɗora wannan a kai, da ribarsa 2,450 bayan jaka, ba 1,200 ba. Ko mutum 70 kawai suka saya ya wuce 144,000.

Sani_Tireda: Amma Malam anya za su saya in ba ragi? Ragin ne fa ya sa aka yi ta tura hoton a guruf-guruf.

Malam_Akanta: Wannan ba ni da amsarsa, gwaji ne zai nuna. Wasu za su saya don an hutar da su shiga kasuwa cikin rana, musamman masu sayen da za su raba wa 'yan uwa. Su ba ragi suke nema ba, abin da za a miƙa a jaka mai kyau suke nema. Ka tambayi baƙinka 40 ɗin nan, ina zargin da yawansu irin waɗannan ne.

Maman_Zee_Lalle: Ni haɗi ya ƙara min riba, kuma da ragi na yi shi, don haka kar a ce ragi duk asara ne. Ina lalle ina kitso. Kowanne 4,000 nake yi. Na lura mata iri biyu ne suke zuwa. Wata lalle ne ya kawo ta, za ta biya 4,000 ba musu, amma kitso tana da mai yi mata a gida, in ya wuce 2,000 ba za ta zauna ba. Wata kuma akasin haka, kitson ne damuwarta, lalle in an samu da sauƙi a yi. Da can kowacce abu ɗaya take yi ta tafi, na samu 8,000 a su biyun. In na sauke farashin kowanne zuwa 2,000 don su yi duka, 8,000 ɗin dai zan samu da ninkin aiki. Sai na bar kowanne a 4,000, na ce duka biyun 6,000. Yanzu su biyun 12,000 suke ajiye min. Kayan aikin da na ƙara kashewa bai fi 500 a kowacce ba.

Nura_Farm_Centre: Wannan shi ne haɗi na gaskiya. Kowacce tana ganin abin da ba ta damu da shi ba ne aka bar mata da araha.

Malam_Akanta: Maman Zee, naki ya yi aiki saboda abu biyu da Sani ba shi da su. Ke abin da kika ƙara bayarwa lokacinki ne da ɗan kayan 500, ba kaya ba ne da kika saro 9,000. Kuma waɗanda suka karɓi haɗin ba masu yin duka biyun ba ne tun asali. Ina da tambaya dai: masu yin duka biyun a 8,000 tun da can fa? Su ai kin yafe musu 2,000. Kuma satin salla da layi ya kai ƙofar gida, kina yin 6,000 ɗin?

Maman_Zee_Lalle: Haba Malam, satin salla ko da wasa. Lokacin ko awa ɗaya ba ni da ita ta banza, in na zaunar da mace a 2,000 na kori mai 4,000. Daga Litinin zuwa Laraba nake yi, kuma ban da amare. Masu yin duka biyun dama ƙarshen mako suke zuwa saboda biki, ba su cika haɗuwa da shi ba. Akwai dai mutum biyu da suka gane suka koma zuwa ranar Laraba, na ƙyale su.

Ibro_Singa: To ka ji inda Sani ya yi tuntuɓe. Ita tana ragi ranar da ba kowa, shi ya yi ragi a watan da ko bai kira kowa ba za a zo. Sati biyu kafin azumi mu a nan ko tayi ba ma saurara sosai.

Dan_Maradi: Salamu alaikum mutanen Kano. A wajenmu ma haka abin yake, sai dai ni abin da na gani game da rubuta ragi a allo daban ne. Ina saida takalma. Takalmin da nake bari jaka 6, wato sefa dubu 6, ina fara faɗin jaka 8. Wanda ya iya ciniki ya kai ni 6, wanda yake sauri ya biya 7 da rabi ya wuce. Kowa na biyan abin da zai iya. Wata shekara na rubuta an rage zuwa jaka 6 da rabi. Sai mai saurin nan ya biya 6 da rabi, mai cinikin kuma ya fara tayi daga nan yana neman 5. Allon ya zama sabon wurin farawa. A kasuwar da ake tayi ana albarka, ragin yana cikin cinikin tun asali, kuma mutum ɗaya-ɗaya kake ba wa, ba duniya duka ba.

Hajiya_Mai_Atamfa: Wallahi Dan Maradi ka faɗi gaskiya. A kasuwar Kwari in mai haɗa lefe ya zo zai ɗauki turmi 15 da leshi da mayafai, ina rage masa sosai, amma a kunnensa. Ina rage kaɗan a atamfa don ya san farashinta, in samu nawa a mayafi da ɗankunne da bai sani ba. Ba na taɓa sa wannan farashin a sitatus.

Auwal_Dalibi: Ni a ganina kuna kallon yau ne kawai. Manyan kantuna suna sayar da wani abu a faɗuwa da gangan don a shigo a sayi wasu. Baƙi 40 da Sani ya samu ai jari ne. In sun zama kwastomominsa, 16,000 ɗin nan kuɗin talla ne, kuma talla mai araha.

Malam_Akanta: Auwal maganarka tana kan hanya, in sun dawo. Malam Sani, nawa suka dawo?

Sani_Tireda: Waɗanda nake gani har yanzu ba su fi 6 ba. Sauran daga nesa suke, wani daga Kabuga, wani daga Rijiyar Zaki. Biyu sun yi min magana kafin babbar salla suna tambaya ko akwai wani ragin.

Auwal_Dalibi: To ai shida ma ba kaɗan ba ne. In kowa yana bar masa ribar 1,500 a wata, 9,000 ke nan, cikin wata biyu ya cike giɓin.

Ibro_Singa: In suna sayayyar wata a wurinsa ke nan. In burodi da katin waya suke saya fa? Kuma babban kanti da kake magana, mutum na shiga da keken zuba kaya ya zagaya layi goma, dole idonsa ya faɗa kan wani abu. Wanda ya turo ɗan Adaidaita ya karɓar masa ƙunshi ko cikin shagon bai gani ba.

Auwal_Dalibi: Duk da haka ban yarda a ce ya faɗi ba sai an ga shekara.

Baba_Tsoho_Kurmi: Yarana akwai abin da ba wanda ya taɓa. Sani, da ka koma sari bayan ka sayar, a nawa ka tarar da sukari da mai? Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 muka sha ganin kaya ka sayar da safe da riba, ka koma da yamma kuɗin ba ya sayo maka irinsa. Ɗan kasuwa ba da farashin da ya saro yake auna riba ba, da farashin da zai sake sarowa yake aunawa. Mai riba 3,000 yana da wurin da zai sha wannan. Mai 1,200, in mai ya ƙara 500 sukari ya ƙara 300, ya kusa yin aikin banza.

Sani_Tireda: Baba sari na biyu mai ya ƙara 400 a galan. Kuma na riga na sanar da farashi, kunya ta hana ni canzawa. Ƙunshi kamar 50 na ƙarshe a haka suka tafi.

Malam_Akanta: To cire wata 20,000. 144,000 ta koma 124,000. Shi ya sa duk garaɓasar da za a yi a sa mata adadi tun farko, a ce ƙunshi 60 ne in sun ƙare shi ke nan, daidai kayan da ke hannu.

Rabi_Kayan_Kicin: Ni tawa matsalar daban ce, amma ta shafi wannan. A intanet nake sayar da kayan kicin. Na fara yin bonanza ƙarshen kowane wata, ragin kashi 15. Watannin farko abin ya yi daɗi. Yanzu daga 10 ga wata ba mai saye, sai dai a turo min "Anti yaushe za a fara?" Cinikin wata bai ƙaru ba, ya dai tattaru a kwana huɗu, kuma duk a farashin ragi. Ta yaya zan fita?

Abba_Rimi: Ki ƙara kashi 15 a farashin, sai ki rage shi ranar bonanza. Kowa haka yake yi.

Ummu_Khalil: Subhanallah. Wannan ai yaudara ce Abba. Ka rubuta farashin da ba ka taɓa sayarwa a kai ba ka ja masa layi?

Nura_Farm_Centre: Ban da haramci ma, ba ya ɗorewa. Mata suna ajiye hoton farashi a waya, ranar da ɗaya ta haɗa tsohon da sabon ta watsa a guruf kin gama. Anti Rabi ki daina sa masa rana. Ki bar shi ya zama a kan kayan da suka kwanta miki kawai, kuma ba duk wata ba. Za ki sha wata ɗaya ko biyu na shiru kafin su yarda da gaske kike.

Rabi_Kayan_Kicin: Wata biyun nan ne abin tsoro, akwai kuɗin haya a gaba.

Ibro_Singa: Tunda an zo kan kwantai, nan ne kaɗai ni nake ragi ban duba nawa na saro ba. Katan ɗin lemo ko madara da ya rage wata ɗaya ya lalace, kuɗin da ka saro shi ya riga ya tafi, ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Zaɓinka tsakanin rabin kuɗi ne da zubarwa. Amma ka faɗa wa mai saye kwanan watan, kar ka cusa shi cikin ƙunshi a ɓoye.

Sannan ku yi hattara da garaɓasar kamfani, sayi katan 10 a ba ka 1. Mutane suna cewa ragin kashi 10 ne. Ba haka ba ne, kuɗin 10 ka biya ka karɓi 11, kashi 9 ne da ɗan ɗoriya. Kuma in katan 3 kake sayarwa a wata, ka ɗaure kuɗinka kusan wata huɗu ke nan, kuɗin da za ka juya a sukari sau da yawa. Na ga masu shago da yawa sun ɗauka don kyautar, ƙarshe kyautar ce ta lalace a hannunsu. Ga mai sayar da katan 10 a sati kuwa riba ce tsantsa, don kamfani ne ya biya ragin ba shi ba.

Sani_Tireda: Alhaji to da na nemi dilan taliya ya ɗauki wani abu daga ragin, zai yiwu?

Ibro_Singa: Taliya 5 sau 120 guda 600 ne, katan 30 in mai 20 ne. A kan katan 30 ana magana. Ba zai ba ka da yawa ba, amma ko 300 ya sauke a katan ka samu 9,000. Ka zo kafin ka sanar da farashi, ba bayan ba.

Baba_Tsoho_Kurmi: Kuma waɗanda ka ce sunansu na littafin bashi, ƙunshin ma bashi suka ɗauka?

Sani_Tireda: Mutum 11 Baba. Bakwai sun biya.

Baba_Tsoho_Kurmi: Ai ka ce kuɗin 120 sun shigo.

Sani_Tireda: Na ƙirga su ne a matsayin za su biya.

Malam_Akanta: Huɗun nan 106,000 ne a waje, Malam Sani, kusan duk abin da ya rage na ribar. Ragi na mai kuɗi a hannu ne. Wanda zai ɗauka bashi ya ɗauka a 28,000, kuma a faɗa masa tun kafin ya ɗauka.

Ummu_Khalil: Farashi biyu a kaya ɗaya, na hannu da na bashi, ya halatta kuwa? Na taɓa jin ana maganarsa a wa'azi.

Dan_Maradi: Abin da na ji daga malamanmu shi ne in an tsaya a kan ɗaya kafin a rabu ba laifi. Amma a tambayi masana, ni takalmi na sani.

Auwal_Dalibi: Ni har yanzu ina ganin ya sake yi bana, ya dai rage ragin zuwa 500 ya sa dabino. In ya daina gaba ɗaya, maƙwabcinsa zai yi ya kwashe mutanen.

Nura_Farm_Centre: In maƙwabcin ya yi a 26,500 ka bar shi ya yi, ka ma tura masa masu bashin.

Sani_Tireda: Na gode ƙwarai jama'a. Abin da nake tunani shi ne in yi kala biyu, ƙarami na 'yan unguwa ba ragi sai gyara, da babba a kwali na masu rabo wanda sai an ɗauki biyar zan rage. Alhaji Ibro zan shigo Singa ranar Asabar mu yi maganar taliyar. Malam Akanta, in mutum ya ɗauki biyar, nawa zan iya saukewa ban taɓa jikina ba?

Malam_Akanta: Ya danganta da kuɗin kwalin da kuma wa zai biya kai kayan. Nemo waɗannan biyun, da farashin mai na satin da za ka saro, sai mu zauna a kai.